Yadda Ake Rubuta Saƙon Ɗage Zama Idan An Yi Wa Mutum Rasuwa

A ƙasarmu ba a jinkirta jana'iza. Wanda Allah ya karɓi ransa da safe, galibi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, wanda kuma ya rasu da dare ana sallatarsa da hantsi. Saboda haka mutumin da aka yi wa rasuwa alhali yana da alkawarin zama da wani a ranar ko washegari ba shi da lokaci mai yawa, kuma hankalinsa ba ya tare da shi. Abin da ake bukata daga gare shi a wannan hali saƙo ne na layi huɗu ko biyar, wanda mai karɓa zai karanta sau ɗaya ya fahimci abubuwa uku: kada ya taso, ga dalili, ga kuma ranar da zai sake ji daga gare ka. Duk sauran abin da za a faɗa a ƙasa hidima yake yi wa waɗannan ukun.

Domin bayanin ya zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa ne a Birnin Kebbi, ya yi alkawari da wani Alhaji ɗan kasuwa da ke Yauri cewa za su zauna ranar Laraba 12 ga wata da ƙarfe 10 na safe, tare da shugabannin ƙungiya, su daidaita farashin shanshera. Ranar Talata 11 ga wata bayan sallar isha'i aka kira shi daga Argungu aka ce Allah ya yi wa baffansa rasuwa, wanda a hannunsa ya tashi, kuma za a yi jana'iza da ƙarfe 9 na safiyar Laraba. Alhajin nan tafiyar sa'o'i ce a gabansa, zai bi ta Koko da Jega kafin ya iso Birnin Kebbi, wato da an sallame asuba zai kama hanya. Idan saƙon bai same shi a daren nan ba, to a kan hanya zai same shi.

Kafin a taɓa waya

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da labarin daga bakin wanda yake wurin, ɗan gidan ko wanda ya tsaya a kan gawar. Labarin mutuwa yana saurin yawo, kuma ya sha faruwa a ce wane ya cika alhali suma ya yi, ko a rikita sunan mutum da na ɗan'uwansa. Kira ɗaya ya wadatar, kuma a cikinsa ne za ka ji lokacin jana'iza da wurin da za a yi zaman makoki, waɗanda su ne za su nuna maka kwana nawa za ka yi ba ka nan.

Mataki na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Ka tambaya ko an sanar da makusantan mamacin duka, musamman 'ya'yansa mata da ke aure a wasu garuruwa da 'ya'yansa da ke karatu a nesa. Saƙon da ka tura wa abokin hulɗa ba ya tsayawa a wayarsa, domin da kyakkyawar niyya zai iya tura shi gaba yana neman a yi wa mamaci addu'a, kuma cikin minti kaɗan 'yar mamacin da ke Sakkwato ta ga rasuwar mahaifinta a allon waya kafin wani babba ya kira ta ya lallashe ta. Idan ba a gama sanar da gida ba, kuma lokaci ya ƙure maka, sai ka rubuta “an yi mana rasuwa a gida” kawai, ba suna ba gari, ka ƙara da cewa za ka yi bayani daga baya. Wannan ya isa ya tsayar da matafiyi.

Sai kuma ka tambayi kanka ko zaman yana bukatar ɗagewa ma. Wani zaman idan ka ba mataimakinka takardu zai gudana ba tare da kai ba, kuma a irin wannan abin da ya dace shi ne saƙon uzuri da naɗa wakili, domin bai kamata mutum goma su rasa ranarsu a kan abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa ba. A misalinmu sakatare ne yake riƙe da lissafin buhunan kowane manomi, shi ne kuma ya fara ciniki da Alhaji, don haka zaman ba zai yi ma'ana ba sai da shi. Amma ba shi kaɗai ke da ikon ɗage zaman ƙungiya ba, saboda haka zai fara kiran shugaba ya sanar da shi, ya sami amincewarsa, sannan ya rubuta wa baƙo.

Wa za a fara sanarwa, kuma ta wace hanya

Ana farawa da wanda zai fi wahala idan bai ji ba. Mai zuwa daga Yauri ko Zuru ko Kamba yana gaban wanda ke unguwa ɗaya da wurin taro, ko da na unguwar ya fi shi girma, domin na nesa ne zai ƙona mai ya ɓata yini. Bayansa sai wanda aka ba aikin abinci ko kujeru ko ɗakin taro, tun kafin a ɗora tukunya.

Game da hanya, idan saura ƙasa da yini guda a yi zaman, ka kira da baki tukuna, sannan ka bi kiran da rubutu. Kiran ne yake tabbatar maka cewa mutumin ya ji, rubutun kuma shi ne zai koma ya duba idan ya manta ranar da ka ce. Idan dare ya yi nisa har kiran dattijo ya zama rashin ladabi, sai ka tura rubutun a daren, ka kira da an idar da sallar asuba, kafin ya shiga mota. A WhatsApp alamar sahu ɗaya tana nufin saƙon ya bar wayarka amma bai isa tasa ba, biyu masu ruwan toka na nufin ya isa, biyu shuɗɗa kuma an buɗe shi, sai dai wasu suna kashe wannan alama ta ƙarshe, don haka ba abin dogaro ba ce. Wanda yake ƙauyen da sabis ke wahala, ko wanda ba ya kunna data sai ya bukata, saƙon tes na layin waya ya fi saurin samunsa. Dattijon da karatun boko bai zauna masa ba kuwa saƙon murya ya fi masa, kuma a nan babu laifi ka yi magana da harshen gida, ka ce “ranka shi daɗe” da “Allah shi gafarta mishi” kamar yadda za ka faɗa a gabansa.

Akwai waɗanda ba a ɗage musu zama da rubutun waya ko kaɗan. Hakimi, ko uban ƙasa, ko babban malamin da ya ware maka lokaci, ana aika musu mutum ne, ko a kira na kusa da su a roƙe shi ya isar da uzuri. Idan za a yi rubutu, ga wannan na kusan ake yin sa.

Gina saƙon

A fara da sallama da laƙabin da ka saba kiran mutumin da shi: Alhaji, Hajiya, Malam, ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, Yallaɓai. Gaisuwa ɗaya ta isa. Jerin tambayar gida da iyali da aiki da gajiya, wanda a kullum shi ne ladabi, a yau yana tura labarin zuwa ƙasan saƙo, alhali mai karatu sau da yawa layi biyun farko kawai yake gani a allon wayarsa kafin ya buɗe. Idan akwai shakkar cewa yana da lambarka, ka faɗi sunanka da matsayinka nan take, domin mutane da yawa ba sa kula saƙon baƙuwar lamba.

Layi na gaba shi ne labarin rasuwar, a jimla ɗaya. “Allah ya yi wa baffana rasuwa” ko “an yi mana rasuwa” su ne suka fi dacewa da rubutu na girmamawa, kuma Musulmi yakan gabatar da “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un”, wadda take cikin aya ta 156 ta Suratul Baƙara. Yana da amfani a ambaci dangantaka, wato mahaifi ne, ko kawu, ko goggo, ko suruka, ko ɗa, domin daga nan ne mai karatu zai auna nauyin rashin, ya san ko ya kamata ya zo gaisuwa da ƙafarsa ko kira ya wadatar, ya kuma ƙiyasta tsawon lokacin da za ka yi ba ka nan. Shi ya sa sakataren namu zai ƙara kalmomi huɗu, “wanda ya riƙe ni”, saboda wanda ya ji “baffa” kawai zai iya zaton za ka halarci jana'iza ka dawo da azahar, alhali kai ne za ka zauna a ƙofar gida kana karɓar gaisuwa kamar ɗan cikinsa.

Abin da ba ya shiga shi ne labarin jinya. Ciwon da ya yi, da asibitin da aka kwantar da shi, da kuɗin da aka kashe, da yadda ya cika, duk sirrin iyali ne, wanda ya zo gaisuwa zai ji abin da ya kamata ya ji. Haka nan hoton mamaci, balle na gawa. Ambaton kashe kuɗi kuma yana da wata illa ta daban, domin abokin ciniki zai iya ɗaukarsa a matsayin roƙo a fakaice, ya shiga tunanin abin da zai aiko, kai kuma ba haka ka nufa ba.

Daga nan sai maganar zaman kanta, kuma a nan ne yawancin saƙonni suke samun matsala. Ka ambaci zaman da sunansa, da rana, da kwanan wata, da lokaci. Kada ka rubuta “zaman gobe”, domin saƙon da aka tura ƙarfe 11 na daren Talata idan aka buɗe shi da asubar Laraba, goben mai karatu ta zama Alhamis, sai ya kama hanya hankali kwance yana zaton wani zaman ake nufi. Haka kuma “daren Laraba” yana da fuska biyu a wurinmu, tunda a lissafin da muka gada dare ne yake gabatar yini, kamar yadda daren Juma'a yake nufin daren da za a wayi gari Juma'a, amma masu bin kalandar ofis sukan fahimce shi a matsayin daren da ya biyo bayan yinin. Idan za ka faɗi lokacin rasuwar, “yau Talata bayan isha'i” ba ya barin shakka. Sannan ka ce an ɗage, kada ka ce an fasa ko an soke, domin ɗan kasuwar da ya ji an fasa zai nemi shanshera a wani wuri, manoma su yi asarar mai saye. Ga wanda zai yi tafiya kuwa, ka rubuta ƙarara cewa kada ya taso.

Yadda ake furta ɗagewar ya danganta da wanda ake rubuta wa. Ga na gaba da kai, ko baƙon da kai ne ka gayyato shi, roƙo ake yi: “ina neman alfarmar a ɗage”. Ga 'yan ƙungiya, bayan shugaba ya amince, sanarwa ake yi: “an ɗage”. Mai rubuta wa shugabansa na ofis “na ɗage zamanmu” ya yanke hukuncin da ba nasa ba, ko da uzurinsa karɓaɓɓe ne. Ban haƙuri kuma sau ɗaya ake yin sa. Mutuwa ba laifinka ba ce, kuma maimaita “don Allah a yi haƙuri” sau uku yana ɗora wa mai karatu aikin lallashinka a kan abin da tun farko bai ɗauke shi laifi ba.

Maganar sabuwar rana

Mutumin da ke cikin ruɗanin rashi yana son ya rufe maganar, sai ya ce a mayar da zaman jibi, ko kuma ya ce sai yadda hali ya yi. Duka biyun suna haifar da wahala. Na farko alkawari ne da ba zai cika ba, domin zaman makoki a al'adarmu kwana uku ne, kuma ga makusanci akwai abin da ke biyo baya: baƙin da suka zo daga nesa, zaman dangi a kan marayu da basussukan mamaci, a wasu gidajen kuma har da addu'ar bakwai. Ɗage zama karo na biyu ya fi na farko nauyi a ido, saboda a karo na biyun ba mutuwa ake gani ba, rashin tsari ake gani. Na biyun kuma yana barin mutum a rataye, ga kunya ta hana shi tambayar mai makoki yaushe za a zauna, ga harkarsa ta tsaya.

Mafita ita ce kada ka sa ranar zama, ka sa ranar da za ka kira. Sakataren zai lissafa Laraba, Alhamis da Juma'a a matsayin kwanakin karɓar gaisuwa, ya bar Asabar da Lahadi don sha'anin dangi da komawa Birnin Kebbi, sai ya ce zai kira ranar Litinin 17 ga wata a tsayar da sabuwar rana. Wannan alkawari ne ƙarami da zai iya cikawa ko da yana Argungu har lokacin. Idan kuma harkar ba za ta jira kwana biyar ba, sai a ba da sunan wanda za a tuntuɓa a tsakani, bayan an nemi izininsa.

Ga yadda saƙon zai kasance idan an haɗa shi:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Ni ne wane, sakataren ƙungiyar manoman shinkafa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, yau Talata bayan isha'i Allah ya yi wa baffana wanda ya riƙe ni rasuwa a Argungu. Ina neman alfarmar a ɗage zamanmu na Laraba 12 ga wata, ƙarfe 10 na safe, don Allah kada a taso. In sha Allah zan kira ranar Litinin 17 ga wata mu tsayar da wata rana. A yi haƙuri, a kuma sa shi a addu'a.”

A lura cewa ba a faɗi lokacin jana'iza ba. Alhaji abokin ciniki ne da ke nesa, kuma sanar da shi ƙarfe 9 a Argungu tamkar ɗora masa nauyin halarta ne. Da a ce aminin gida ne, ko maƙwabci a Birnin Kebbi wanda zai ji ciwo idan aka binne ba shi, sai a ƙara layi guda da lokaci da wuri.

Na 'yan ƙungiya ya fi wannan gajarta, kuma ya fi kyau ya fito daga shugaba ko mataimakin sakatare, domin mai makoki ya huta da amsa tambayoyi:

“Assalamu alaikum. An ɗage zamanmu na Laraba 12 ga wata saboda rasuwar baffan sakatarenmu a Argungu. Za a yi jana'iza ƙarfe 9 na safiyar Laraba. Za a sanar da sabuwar ranar zama ranar Litinin 17. Allah ya jiƙansa da rahama.”

A nan ɗagewar ce ta zo a farko, kuma da gangan ne. A zauren WhatsApp na ƙungiya, da zarar labarin rasuwa ya faɗa, addu'o'i ne za su biyo baya a jere har su binne sanarwar, wanda ya buɗe waya da safe ya ga ta'aziyya kawai, ya yi tasa, ya sa hula ya nufi wurin taro. Don haka a maƙale sanarwar a saman zauren, ko a sake turo ta da sassafe.

Idan tes za a tura akwai abin lura na fasaha. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar tana sauka zuwa 70, sai dogon saƙo ya rarrabu gida-gida, kuɗinsa ya ƙaru, wata tsohuwar wayar ma ta nuna akwatuna a madadin haruffan. Saboda haka a tes ana barin lanƙwasar, sai dai hakan yana jawo haɗari guda a wannan saƙon musamman: “an ɗage” idan ta rasa lanƙwasa ta koma “an dage”, wadda mai karatu zai iya fahimta a matsayin an nace sai an yi. Gara a kauce wa kalmar gaba ɗaya:

“Salam Alhaji. Wane ne. An yi mana rasuwa, baffana. A yi hakuri, zaman Laraba 12 karfe 10 ba zai yiwu ba, kada a taso. Zan kira Litinin 17 in sha Allah.”

Wannan bai kai haruffa 160 ba, kuma duk abin da ake bukata yana ciki.

Inda lissafin kwanaki yake canzawa

Matar da mijinta ya rasu tana shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tsayar, mai juna biyu kuma har ta haihu. Malamai sun yi bayanin fitar da lalura ta halatta mata, amma a aikace ba wanda zai sa ran ta zauna taron ƙungiya ko ciniki a makon da ya biyo baya. Saƙonta, wanda galibi ƙanwarta ko ɗanta ne zai rubuta da sunanta, bai kamata ya yi alkawarin kira ranar Litinin ba. Abin da ya dace shi ne ya ce Hajiya ta shiga takaba, ya ambaci wanda zai riƙe harkar a madadinta, ya bar maganar zama da ita kanta har sai ta nema. Duk mai rubutu a madadin wani kuma ya faɗi haka a layin farko, “ni ce ƙanwar Hajiya wance, ita ta sa ni in sanar da ku”, domin kada a kira lambar ana zaton ita za ta ɗauka.

'Yan'uwanmu Kirista, kamar da yawa daga mutanen ƙasar Zuru, sau da yawa sukan jinkirta binnewa har dangi su hallara, wani lokaci mako guda ko fiye. Wanda yake cikin wannan hali zai iya kasancewa yana gari a kwanakin farko, sannan ya yi tafiya daga baya, don haka ya fi masa kyau ya ce zai sanar da sabuwar rana da zarar iyali sun tsayar da ranar jana'iza. Idan kuma Musulmi ne yake rubuta wa abokin aiki Kirista, ko wanda bai san al'adarmu ba, yana da kyau ya ƙara rabin jimla cewa za a yi jana'iza a ranar kuma zai zauna karɓar gaisuwa kwana uku, saboda mutumin ya fahimci dalilin gaggawar.

Yadda za ka gane saƙon ya yi aikinsa

Amsar da ta ce “Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, sai na ji ka ranar Litinin” ta nuna an karanta har ƙarshe. Amsar da ta tsaya a addu'a kaɗai tana bukatar a sake dubawa, domin mutum yakan ga kalmar rasuwa ya yi ta'aziyya nan take bai ƙarasa karatun ba. Ga mai tafiya mai nisa, layi ɗaya ya isa: “Amin, na gode. Ina fata an ga maganar ɗage zaman Laraba.” Shiru kuwa har asuba yana nufin a kira, idan wayar a kashe take a nemi direbansa ko yaron shagonsa ko wanda ya haɗa ku tun farko. Wannan bibiya aiki ne da ya kamata sakatare ya danƙa wa mataimakinsa kafin ya kama hanyar Argungu, tunda daga lokacin da aka fara wankan gawa har a dawo daga maƙabarta ba zai duba waya ba.

Idan duk da haka Alhaji ya riga ya wuce Koko kafin labari ya same shi, to kada a bar shi ya juya a hanya ba wanda ya gan shi. Shugaban ƙungiya ya tarbe shi a Birnin Kebbi, ya ba shi ruwa da abinci, ya yi masa bayani da baki, in ya so su fara tattauna abin da za a iya tattaunawa ba tare da lissafin sakatare ba.

Ranar Litinin 17 kuma, ko an gama sha'anin gida ko ba a gama ba, sai sakatare ya cika alkawarin kira. Zai fara da godiya a kan ta'aziyya, musamman idan Alhaji ya kira ko ya aiko wakili, sannan ya ba shi ranaku biyu ya zaɓa, yana kauce wa Juma'a da ranar kasuwar garinsu, domin wanda aka ɗage wa zama shi ya fi cancanta ya zaɓi lokacin da ya yi masa. Bayan kiran sai ya tabbatar da abin da aka tsayar a rubuce:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Na gode da gaisuwa da addu'a, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Kamar yadda muka yi magana, zamanmu ya koma Laraba 19 ga wata, ƙarfe 10 na safe, a wurin da muka shirya tun farko. Allah ya kawo ku lafiya.”

Daga nan sai a tura wa 'yan ƙungiya wannan rana, a kuma sanar da mai abinci da mai kujeru.